Bayan an aje waya: wasiƙar da mai neman aiki ya kamata ya rubuta in ba a faɗa masa mataki na gaba ba

A ƴan shekarun nan, mai neman aiki a ƙasar Nijar ba kullum yake fara ganin fuskar wanda zai ɗauke shi ba. Sau da yawa muryarsa yake fara ji. Mutum ya aika dosiyensa zuwa wata ƙungiya mai zaman kanta, ko banki, ko kamfanin sadarwa, ko kuwa wani biro na masu ɗaukar wa kamfanoni ma'aikata. Bayan mako biyu ko uku sai wayarsa ta yi ƙara. A tambaye shi ko shi ne wane, a yi hira ta minti 10 zuwa 20, a ƙarshe a ce masa an gode, za a sake tuntuɓarsa. Ba a faɗi rana ba, ba a faɗi wanda zai kira ba, ba a faɗi ko jarrabawa ce za ta biyo baya ko ganawa ido da ido ba. Daga nan sai shiru.

Wannan shirun ne ke raba masu neman aiki gida biyu. Wasu su naɗe hannu suna jira, har wata ya wuce, suna tsoron kada a ce sun cika naci. Wasu kuwa su kama buga waya safe da marece, su bi da saƙon Watsap, har mai ɗaukar ya daina amsawa. Tsakanin waɗannan biyun akwai hanya ta uku, ita ce gajeriyar wasiƙa ta imel mai ɗauke da tambaya guda, wadda za a iya amsa ta cikin minti ɗaya. Yadda ake rubuta ta, da lokacin aika ta, da inda ya kamata a tsaya, shi ne abin da za mu duba a wannan mako.

Wanda ya kira ka ba shi ne mai yanke hukunci ba

Kafin mai karatu ya rubuta komi, sai ya san matsayin wanda zai rubuta wa. Hirar farko ta waya tankaɗe ce. Mai kiran yawanci ma'aikacin sashen kula da ma'aikata ne, ko wakilin biron da aka ba kwangilar nemo mutane. Aikinsa shi ne ya tabbatar da abubuwa kaɗan: cewa abin da ke rubuce cikin takardar tarihin aikinka gaskiya ne, cewa kana jin harshen da ake buƙata, cewa za ka yarda ka zauna inda aikin yake, ko Difa ce ko Tilaberi, cewa albashin da kake nema bai wuce abin da aka tanada ba, da kuma ranar da za ka iya fara aiki. In ya gama kiran mutanen da ke jerinsa, sai ya rubuta taƙaitaccen bayani a kan kowa, ya miƙa wa shugaban sashen da ke buƙatar ma'aikacin. Wannan shugaban, ko wani kwamiti, shi ke zaɓen waɗanda za su wuce gaba.

To, in mai kiran bai faɗa maka rana ba, sau da yawa dalilin shi ne shi ma bai san ta ba. Wataƙila kai ne na uku cikin mutum goma sha biyu da zai kira, sauran kuma ba su samu sai mako mai zuwa. Wataƙila shugaban sashen ya tafi rangadi ƙauye inda babu rezo. Wataƙila kuma sa hannun ƙarshe yana wani babban biro a Dakar ko Nairobi. Akwai kuma dalili mafi nauyi a wajen ƙungiyoyin agaji: suna yawan buɗe gurbin aiki tun kafin mai ba da kuɗin purje ya sa hannu, shi ya sa ake ganin an rubuta a sanarwa cewa ɗaukar ta dogara ga samun kuɗi. An ga haka a fili bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da masu ba da tallafi da dama suka dakatar da kuɗinsu, an kuma sake gani a watan Janairu 2025, da gwamnatin Amurka ta tsayar da taimakonta na ƙasashen waje. A irin wannan hali gurbi yana iya daskarewa ba tare da laifin ko ɗaya daga cikin masu nema ba.

Abin da wannan ke koya mana shi ne, tambayar «an ɗauke ni?» ba ta da amfani a wannan mataki, don wanda ake tambaya ba ya da amsarta. Tambayar da yake iya amsawa ita ce: mene ne mataki na gaba, kuma kusan yaushe ake sa ran yin sa? Wasiƙar duka a kan wannan tambaya ake gina ta.

Me ya sa imel, ba waya ba

Wani zai ce: tun da ta waya aka kira ni, lambar kuma tana hannuna, me zai hana in mayar da kira? Dalili na farko, kira yana katse wa mutum aiki, ya tilasta masa amsa nan take, alhali wataƙila dosiyenka ba ya gabansa. Abin da zai fito daga bakinsa shi ne abin da ya riga ya faɗa: za mu tuntuɓe ka. Na biyu, magana ta waya ba ta barin sawu. Imel kuwa yana zama cikin akwati da rana da sa'a, ana iya tura shi yadda yake zuwa ga shugaban sashen, kuma amsar da aka rubuta maka ta zama abin da za ka iya komawa gare shi. Na uku, wasiƙar kanta shaida ce. Wanda ke neman aikin biro, rubutunsa na layi shida yana nuna yadda zai riƙa rubuta wa abokan hulɗar ma'aikatar gobe.

Watsap yana da wurinsa. In mai ɗaukar da kansa ya fara rubuto maka ta nan don sa lokacin hira, babu laifi ka amsa ta nan, amma a rubuce, cikin sa'o'in aiki, ba da saƙon murya ba. In ba shi ya buɗe wannan ƙofa ba, kada ka buɗe ta. Lambar da ya kira ka da ita tana iya zama tasa ta gida.

Sai batun adireshi, wanda ke ba mutane wahala fiye da yadda ake zato. In an aiko maka imel na sa lokacin hira, to nan ne za ka amsa, ka danna `Répondre`, don wasiƙarka ta hau kan tsohon zaren, mai karantawa ya ga ko kai wane ne ba sai ya yi bincike ba. Amma ka duba adireshin da kyau tukuna. Manyan ma'aikatu suna karɓar dosiye ta na'ura, saƙon da ke fitowa daga can kuma yakan zo daga adireshi mai ɗauke da `noreply` ko `ne-pas-repondre`. Duk abin da ka aika can babu mahalukin da zai karanta. In haka ne, sai ka koma ga adireshin da ke cikin sanarwar aikin, ka sa sunan wanda ya kira ka a layin farko. Shi ya sa yake da kyau, da zarar an aje waya, mutum ya ɗauki alƙalami ya rubuta sunan mai kiran, da matsayinsa, da ranar, da abin da ya faɗa wa mai kiran game da albashi da ranar fara aiki. Bayan kwana biyu rabin wannan ya ɓace daga kai.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

Mu ɗauki misali don a ga abin a aikace. A ce wata matashiya ce a Maraɗi, mai difilom na lissafin kuɗi, ta yi shekara uku tana riƙe da kes na wani kantin sayar da kaya. Ta nemi gurbin mataimakiyar kontabil a wata ƙungiya da ke da reshe a Damagaram. Ranar Talata da ƙarfe 11 na safe wani ma'aikaci ya kira ta daga Yamai, suka yi minti 15. Ya tambaye ta ko za ta iya komawa Damagaram, ta ce e. Ya tambayi albashin da take so, ta ce jika 250. Ya tambayi yaushe za ta iya farawa, ta ce nan da nan. Rezo ya yanke sau ɗaya a tsakiyar hira. A ƙarshe ya ce za su dawo gare ta, ya aje waya.

Da ta zauna ta yi tunani, sai ta ga abubuwa biyu sun tafi a karkace. Jika 250 da ta faɗa, abin da take so ya shiga hannunta ke nan a ƙarshen wata, amma masu ɗaukar ma'aikata yawanci da albashin da ba a cire komi ba suke lissafi, wato kafin a zare kason asusun tsaron lafiyar ma'aikata da harajin albashi. In ya rubuta 250 a wannan ma'ana, abin da za ta karɓa zai gaza abin da take nufi. Na biyu kuma, kontirarta ta yanzu ta wajabta mata sanar da mai gidanta wata ɗaya kafin ta tafi, don haka «nan da nan» ba gaskiya ba ne. Ga kuma babbar matsalar: ba ta san ko jarrabawar rubutu ce ke tafe ba, ba ta san ko za a kira ta Yamai ba, tafiyar da ta fi kilomita 600, mai buƙatar kuɗin mota da izinin mai gida.

Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Wasiƙar farko tana tafiya cikin sa'a 24, wato Talata da marece ko Laraba da safe, tun muryarta ba ta gushe daga kunnen mai kiran ba, kuma tun bai miƙa bayaninsa ga shugaba ba. Wannan na biyun shi ne ainihin dalilin gaggawa: gyaran da ya iso kafin a miƙa bayani yana shiga cikin bayanin, wanda ya iso daga baya kuwa sai ya zama kamar canza magana.

Da Faransanci za ta rubuta, tun da da shi aka yi hira. A gurbin take, in sabon saƙo ne, za ta sa sunan aikin da lambar sanarwar da ranar hira, kamar haka:

```
Objet : Assistante comptable Zinder, réf. 014 – suite à notre entretien de mardi
```

Take irin wannan yana da amfani domin mai ɗaukar yana iya riƙe da gurabe biyar ko shida a lokaci guda. Take mai cewa gaisuwa kawai, ko wanda aka bari fanko, shi ne farkon wanda ido ke tsallakewa. Jikin wasiƙar kuwa, ga ma'anarsa da Hausa:

«Malam, ina godiya da lokacin da ka ba ni jiya Talata game da gurbin mataimakiyar kontabil a Damagaram. Bayanin da ka yi mini a kan rufe lissafin wata-wata ya ƙara tabbatar mini cewa aikin ya dace da abin da nake yi shekara uku ke nan, kuma ina nan a kan nemana. Ina so in fayyace abu biyu: jika 250 da na ambata, abin da ke shiga hannu ne bayan an cire haƙƙoƙi, kuma zan iya fara aiki wata ɗaya bayan an ba ni amsa, saboda wa'adin da ke cikin kontirata. Ko za ka iya sanar da ni mataki na gaba, da kusan lokacin da ake sa ran yin sa? Sanin haka zai ba ni damar shirya tafiya in ana buƙatar zuwana. Tare da girmamawa.»

A ƙasa ta sa cikakken sunanta yadda yake a dosiye, da lambar wayarta. Shi ke nan. Layi shida ko bakwai, abin da ke shiga fuskar salula ba tare da an ja ƙasa da yawa ba.

Mai karatu ya lura da yadda aka jera ta. Jimlar farko tana tuna wa mai ɗaukar ko wace ce, da rana da gurbi. Ta biyu tana kama abu ɗaya da aka faɗa cikin hirar, wanda ke nuna ta saurara, kuma ba wasiƙar da ake aika wa kowa ba ce. Ta uku gyara ne, a faɗe shi sarai ba tare da dogon ban haƙuri ba. Ta huɗu ita ce tambayar, ita kaɗai ce mai alamar tambaya a wasiƙar duka. Ta biyar tana ba da dalilin tambayar, dalili na aiki, wanda kowane ma'aikaci zai gane. Da ta jera tambaya huɗu, a kan alawus da masauki da inshora da hutu, da mai ɗaukar ya aje wasiƙar sai ya samu lokaci, lokacin kuwa ba ya zuwa. Waɗannan tambayoyi suna da ranarsu, ita ce ranar da aka yi mata tayin aiki.

Abin da ba ya shiga cikin wasiƙar

Al'adarmu ta ladabi tana jan hannun marubuci zuwa ga doguwar gaisuwa da roƙo. A takardar neman aiki ta hannu da ake kai wa ma'aikatun gwamnati, an saba da buɗewa mai nauyi ta neman alfarma. Wannan wasiƙa ba irinta ba ce. An riga an kira ka, an ga dosiyenka ya cancanci minti 15 na ma'aikaci. Abin da ya rage magana ce tsakanin mutum biyu masu aiki a gabansu. Ladabi yana nan, amma a taƙaice.

Kada a sa labarin halin gida. Cewa kai ne babba a gidanku, ko ka shekara biyu ba aiki, gaskiya ce mai nauyi, amma mai ɗaukar ba ya da gurbin da zai rubuta ta a cikin bayaninsa, kuma tana raunana ka ranar da za a yi cinikin albashi. Kada a ambaci wani babba da ka sani a ma'aikatar. A ƙungiyoyi da yawa wannan kaɗai yana iya sa a fitar da dosiye, domin sanarwarsu takan faɗa a fili cewa neman a sa baki yana soke takara. Kada kuma a sa shugaban ma'aikatar a layin `Cc` don a matsa wa mai kiran. Zai ɗauke shi a matsayin ƙara, shi ne kuma mai rubuta bayani a kanka. Takardu ma, kada a sake liƙa difilom da shaidun aiki sai in an nema. In an nema, a haɗa su cikin fayil guda na `PDF` mai ɗauke da sunanka, mara nauyi, ba hotuna takwas da aka ɗauka da salula a kan tabarma ba.

Akwai kuma ƙaramin abu mai girma: adireshin da kake aikawa da shi. Ya zama shi ne wanda ke cikin dosiyenka, mai sunanka na gaskiya. In ka nemi aiki da adireshi ɗaya, ka bi sawu da na ƙanenka don naka ya ƙi buɗewa, na'urar ma'aikatar ba za ta haɗa su ba, wataƙila ma saƙon ya faɗa cikin tarkace.

Ƙidayar kwanaki

An aika wasiƙar farko ranar Laraba da safe. Yanzu sai haƙuri, amma haƙuri mai ƙidaya. Babu dokar da ta sa wa'adi, sai dai abin da hankali ya yarda da shi: a bar kwanakin aiki 5 zuwa 7 su wuce. Kwanakin aiki ake ƙirgawa, ban da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Daga Laraba, matashiyarmu za ta ƙirga Alhamis, Juma'a, Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a: bakwai ke nan. Ranar ta faɗa a kan Juma'a, ranar da biro-biro da yawa ke tashi da rana saboda masallaci, saƙon da ya shiga a lokacin kuma sai ya kwana biyu wasu su taru a kansa. Saboda haka ta bari sai Litinin da hantsi ko Talata da safe. In lokacin ya haɗu da Salla ƙarama ko babba, ko ƙarshen Disamba, a ƙara mako guda. In kuwa mai ɗaukar a wata ƙasa yake, a tuna da bambancin sa'a: Dakar tana bayanmu da sa'a ɗaya, Nairobi tana gabanmu da sa'a biyu.

Da a ce mai kiran ya faɗi rana, misali ya ce kafin ƙarshen mako, to ƙidayar dabam ce: a bar ranar ta wuce da kwanan aiki biyu, sannan a rubuta, a ambaci ranar da ya faɗa ba tare da zargi ba.

Kafin ta rubuta ta biyu, sai ta buɗe akwatin `Spam` ta duba, ta kuma duba kiran da ta rasa. Sau da yawa amsa ta zo, ba a gan ta ba ne: kuran ya ɗauke, waya ta mutu, an kira daga lambar da ba a sani ba. Wanda ya rubuta yana ƙorafin shiru alhali gayyata tana kwance a akwatinsa kwana huɗu, ya yi wa kansa illa da hannunsa.

Wasiƙa ta biyu ta fi ta farko gajarta, kuma a kan zaren farko take hawa. Ma'anarta: «Malam, ina komowa kan saƙona na kusan mako biyu da suka wuce game da gurbin Damagaram. Har yanzu ina sha'awar aikin. Ko an samu haske a kan mataki na gaba? In ba a tsayar da rana ba tukuna, sanin hakan ma zai wadatar da ni.» Jimlar ƙarshen nan ita ce mabuɗi. Tana ba mai ɗaukar damar amsawa ko da hannunsa babu labari, domin abin da ke hana da yawansu rubutu shi ne rashin abin faɗa.

In wannan ma ta tafi babu amsa, a bar kwanakin aiki 10, a aika ta uku, ita ce ta ƙarshe: a ce ana ɗauka an ci gaba da wasu, ana godiya, ana kuma roƙon a riƙe dosiyen don wani gurbi. Duka-duka wasiƙa uku cikin kusan wata guda. Abin da ya wuce haka ba ya ƙara komi sai suna maras daɗi, kasuwar aiki a Yamai kuwa ƙarama ce, masu ɗaukar ma'aikata sun san juna, wanda ke wannan ƙungiya bana yana iya zama a waccan baɗi.

Yadda ake karanta amsa

Amsoshi iri uku ne. Akwai mai rana: jarrabawar rubutu ranar kaza, a wuri kaza. Wannan a amsa ta ran nan, a tabbatar da rana da sa'a da wuri, a tambayi abin da za a zo da shi. Akwai mai cewa ana kan aiki, ba a tsayar da lokaci ba. Wannan ba ƙi ba ne, ba kuma alkawari ba ne. A yi godiya da layi ɗaya, a ce za a sake leƙowa bayan mako biyu, a kuma cika. Sai ta uku, mai cewa ba a riƙe takararka ba. Ita ma a amsa ta da godiya. Wanda aka zaɓa yana iya ƙin zuwa Damagaram a ƙarshe, sai a koma ga jerin, a nan kuwa ana tuna wanda ya rabu da mutane lafiya.

Akwai amsa ta huɗu wadda ba amsa ba ce, tarko ne. In bayan hirar waya aka rubuto cewa mataki na gaba shi ne ka aika kuɗin buɗe dosiye, ko na horo, ko na gwajin likita, ta wayar salula ko ta kamfanin aika kuɗi, to ka tsaya. Ma'aikatar kirki ba ta sayar da gurbi. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ma suna rubutawa a sanarwarsu cewa ba su karɓar ko dala a kowane mataki. Ka duba abin da ke bayan alamar `@` a adireshin: babbar ƙungiya mai rubutu daga akwatin kyauta irin na kowa abin tuhuma ce. Mai shakka yana iya zuwa biron ƙungiyar da ƙafarsa, ko ya tambaya a reshen hukumar ƙasa mai kula da samar da aikin yi, wadda aka kafa a 1996, inda ake kai sanarwar guraben aiki. A nan ma wasiƙar bin sawu tana da rana: tambayar mataki na gaba a rubuce takan sa ɗan damfara ya fito da buƙatarsa da wuri.

In wani tayi ya shigo a tsakani

Wuri ɗaya ne ake karya ƙidayar kwanaki. A ce, kwana huɗu bayan wasiƙar farko, wata makaranta mai zaman kanta a Maraɗi ta yi wa matashiyarmu tayin aiki a kan jika 180, tana son amsa ranar Alhamis mai zuwa. Yanzu shiru yana da farashi. In ta jira ƙungiyar, tana iya rasa duka biyu. In ta karɓa ba ta tambaya ba, wataƙila gayyata ta iso washegari.

A nan ta rubuta nan take, ta faɗi gaskiya yadda take: an yi mata wani tayi, dole ta ba da amsa ranar Alhamis, gurbin Damagaram ne ta fi so, ko za a iya gaya mata kafin Laraba da marece in takararta tana cikin waɗanda za su wuce gaba? Ba sai ta faɗi sunan makarantar ko albashin ba. Wannan ba barazana ba ce, labari ne da mai ɗaukar yake buƙata, domin shi ne abin da zai ɗauka ya shiga wurin shugaba ya ce a hanzarta. Sharaɗin kawai shi ne tayin ya zama na gaske. Wanda ya ƙirƙiro tayi don ya tsorata mutane, amsar da ya fi samu ita ce a yi masa fatan alheri a sabon aikinsa, a rufe dosiyensa.

In Laraba ta wuce babu amsa, ta samu abin da za ta yanke shawara da shi. Hirar waya ta minti 15 ba alkawari ba ce, kuma ba a aje aikin hannu ko a ƙi tayi rubutacce saboda ita. Masu iya magana sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Abu na ƙarshe, don hira ta gaba. Duk wannan wahala tana raguwa in an yi tambayar tun waya tana kunne. Idan mai kiran ya ce ko kana da tambaya, ka tambaye shi abu uku: mene ne mataki na gaba, kusan yaushe, kuma a wane adireshi za ka iya rubuta masa in lokacin ya wuce. Rabin minti ya isa. Matambayi ba ya ɓata, wanda kuma ya karɓi adireshi daga bakin mai shi, in ya rubuta daga baya, izini yake amfani da shi.